Bashin rukuni da lamunin juna: yadda tsaya wa juna ke rage ƙin biya

Aikin gida na darasin Tattalin Arzikin Karkara, aji uku

Duk mai ba da bashi yana son sanin abu uku kafin ya saki dukiyarsa: wane ne wannan da ke nema, me zai yi da kuɗin, kuma in ya samu zai biya ko zai noƙe. Mai hali yana amsa su da takardar fili ko ta gida, wato jingina. Matar da ke soya gyaɗa a kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan ba ta da ko ɗaya, kuma abin da take nema bai kai banki ya tura ma'aikaci ya bi diddiginta ba, don kuɗin binciken zai cinye ribar. Shi ya sa manomanmu suka daɗe a hannun 'yan shel, ɗan kasuwar da zai ba ka kuɗi da damina ya karɓi dawarka da kaka a farashin da ya yanka da kansa. Bashin rukuni dabara ce ta fita daga wannan tarko. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne lamunin juna yana rage ƙin biya da gaske, amma a kan sharaɗi guda: masifar ta faɗa wa mutum ɗaya, ba gari duka ba.

Tsarin ba sabo ba ne. Ƙungiyoyin bashi na Raiffeisen a ƙauyukan Jamus tun ƙarni na 19 suna ɗora wa membobi nauyin bashin ƙungiya gaba ɗaya. Amma wanda ya yaɗa shi a zamaninmu shi ne Muhammad Yunus na Bangladesh, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra. Daga nan aka samu Bankin Grameen a 1983, kuma shi da bankin suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. A tsarin farko, mutum biyar ne ke haɗa rukuni da kansu. Biyu za su fara karɓa, in biyansu ya yi kyau a ba biyu na gaba, shugabar rukuni ta zo ƙarshe. Ana biya mako-mako a bainar jama'a, kuma in ɗaya ta gaza, ƙofar sabon bashi tana iya rufewa ga sauran.

Amfanin farko yana zuwa tun kafin a ga kuɗi, wajen zaɓen abokan tafiya. Masanin tattalin arziki Maitreesh Ghatak ya yi bayaninsa a 1999, kuma ana iya ganinsa da ɗan lissafi na misali. A ce akwai mata iri biyu: mai taka-tsantsan, wadda sana'arta ke yin kyau sau 9 cikin 10, da mai kasada, wadda tata ke yin kyau sau 6 cikin 10. Mace tana biya wa abokiyarta ne kawai in ita ta samu, abokiyar ta faɗi. In mai taka-tsantsan ta haɗu da irinta, yiwuwar hakan 0.9 × 0.1 = 0.09. In ta haɗu da mai kasada, ya zama 0.9 × 0.4 = 0.36. Asararta ta ƙaru da 0.27 ke nan. Ita kuwa mai kasada, in ta bar irinta ta koma wa mai taka-tsantsan, nauyinta ya sauka daga 0.24 zuwa 0.06, ribarta 0.18 kacal. Abin da za ta iya bayarwa na lallashi bai kai asarar ɗayar ba, don haka nagari za su nemi nagari. Banki bai san kowa ba, amma unguwa ta tace masa.

Na ga wannan da idona lokacin da gwaggona ke haɗa rukuninsu. Wata maƙwabciyarsu ta zo har sau uku tana neman shiga. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, suka yi hira, amma maganar rukuni sai "bari mu gani, in Allah ya so." Da ta tafi na ce, "Gwaggo, ai tana da sana'a." Ta ce, "Ɗana, ta ɗauki adashi da fari sau biyu, zubin ƙarshe sai da aka kai ƙara wurin mijinta." Babu takardar banki da ke ɗauke da wannan labarin. Adashi, wanda Larabawan Sudan ke kira sanduk ko hatta, shi ne rajistar da mata suka riga suka mallaka, kuma bashin rukuni a kansa ya hau.

Bayan kuɗi ya shiga hannu sai batun sa ido. Joseph Stiglitz ya nuna a 1990 cewa wanda zai biya in ka faɗi yana da dalilin hana ka yin ganganci da jarin. Ma'aikacin banki yana zuwa sau ɗaya a mako ko a wata. Maƙwabciya kuwa katanga ce kawai tsakaninku. Ta san ko buhun gyaɗa aka sayo ko kayan ɗakin amarya. Haka kuma in mace ta ce ta yi asara, rukuni ya fi kowa sanin gaskiya ce ko ɓoyo. Timothy Besley da Stephen Coate sun ƙara da na uku a 1995, wato tilasta biya. Banki ba shi da abin ƙwacewa, amma jama'a suna da abin hanawa: gaisuwa, gudummawar biki, aron tukunya, sunan kirki ranar da aka zo neman auren 'yarki. Jinginar gaskiya a nan mutunci ce, kuma a wurinmu ta fi fili tsada.

Akwai kuma fuskar taimako, wadda ake yawan mantawa da ita. A rukunin mutum biyu da ke cike wa juna, banki ba ya asara sai duka biyun sun faɗi. In faɗuwar kowace 0.1 ce kuma babu alaƙa tsakaninsu, yiwuwar su faɗi tare 0.01 ce, sau ɗaya cikin ɗari. Ranar da ɗan wata a rukunin gwaggo ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, jarin ya tafi a magani, sauran huɗun suka haɗa zubinta na makonni uku, ta mayar musu bayan Sallah. A littafin banki ba a rubuta komai ba sai "an biya".

A Sudan tsarin ya ɗauki kamar gida. Bankunanmu suna aiki da tsarin Musulunci, don haka ba ruwa ake ɗorawa ba. Galibi murabaha ake yi: banki ya sayi keken ɗinki ko tumaki, ya sayar wa mai nema da ribar da aka sani, a biya kaɗan-kaɗan. Manoma kuma akwai salam, a biya kuɗin amfanin gona tun kafin girbi. Babban Bankin Sudan ya buɗe sashen ƙananan basussuka a 2007, ya kuma umarci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na abin da suke bayarwa ga wannan fanni. Bankin Usra ya fara aiki a 2008, Bankin Noma kuma ya kafa shirin ƙananan basussuka na ABSUMI tare da IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, shirin da ya dogara da rukunonin matan karkara. Tsaya wa wani ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, kafala ce, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 72 ta Suratu Yusuf. Muhimmancinsa ya fi fitowa idan aka tuna abin da ake nema in babu shi: cekin lamuni, wanda in ya dawo babu kuɗi yana iya kai mutum kurkuku. Tsakanin kunyar maƙwabta da ƙofar gidan yari, ba a tambayar wanda mace za ta zaɓa.

To, sai dai lissafin 0.01 ɗin nan yana tsaye ne a kan kalma uku: babu alaƙa tsakaninsu. A Gadarif, inda noman dawa da riɗi ya dogara da ruwan sama, in damina ta yi gardama kowa ya faɗi tare, har mai shayi a bakin tasha, don masu sayenta ba su da ko sisi. A wannan hali yiwuwar ta koma 0.1, kamar babu rukuni. Abin ma yana iya fin haka muni. Besley da Coate sun lura cewa wadda ke da ikon biyan nata za ta iya janyewa in ta ga sai ta ɗauki na mutum uku: tunda ƙofar za ta rufe ko ta biya ko ba ta biya ba, me zai sa ta zubar da nata? Sai ƙin biya ya bi rukuni kamar wutar daji. An ga irin haka a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, inda bashi ya yi wa mutane katutu, gwamnatin jiha ta sa baki, biya ya durƙushe. Mu kuma mun ga namu. Hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100 a 2021. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Rukunin da membobinsa suka watse, wata a Kassala wata a Port Sudan, wa zai sa ido a kan wa?

Akwai ma tambayar ko lamunin ne ke aikin ko zaman tare. Xavier Giné da Dean Karlan sun yi gwaji da wani bankin karkara a Filifin: aka cire wa wasu cibiyoyi sharaɗin biya wa juna, aka bar musu taronsu, kuma ƙin biya bai ƙaru ba. A Indiya, Feigenberg da Field da Pande sun gano cewa matan da ke haɗuwa duk mako sun fi shaƙuwa, sun kuma fi biyan bashinsu na gaba, a kan masu haɗuwa wata-wata, alhali bashin kowace a wuyanta yake. Shi kansa Grameen ya sauya tsari a wajajen 2002, ya ba da damar sake tsara biya ga wadda ta shiga matsi. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin rushe hujjar Ghatak ba, don matan Filifin ɗin da aka sauya wa tsari an riga an tace su a ƙarƙashin tsohon sharaɗi. Abin da ya nuna shi ne lamunin ya fi amfani a bakin ƙofa, lokacin da banki bai san kowa ba. Bayan zagaye biyu ko uku, tarihin biyan mace ya ishe ta shaida.

Kuma yawan biya da ake alfahari da shi ba ya nuna wanda ya ji jiki. Wata ta sayar da akuyarta don kada a kira sunanta a taro. Mafi talauci kuwa, irin bazawarar da ba ta da mai tsaya mata, ba ta ma samun shiga, don tacewar da ke kare banki ita ce ke barin ta a waje. Maƙwabciyar da gwaggo ta dama wa fura ba ta sake taka gidan ba har aka yi shekara.

Da za a tambaye ni yadda za a sake kafa rukunoni a garuruwa irin Mai Wurno da ƙauyukan Gadarif bayan mutane sun koma gida, zan ce a haɗa masu sana'a daban-daban a rukuni ɗaya, mai ɗinki da mai kiwo da mai gyaɗa, don kada iska ɗaya ta kayar da su. A ƙayyade abin da mace za ta biya wa wata, ya tsaya a zubi biyu ko uku. A daidaita biyan manoma da kaka maimakon mako-mako. Sannan a rubuta a yarjejeniya tun farko cewa in fari ko yaƙi ya shafi gari duka, lamunin juna ya dakata a jinkirta wa kowa, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.