Tambaya ta Uku

Rikoda ake kiran Sadisu a ajinsu, kuma ba ya jin haushin sunan. Tun a makarantar allo, in ya bi wuri sau uku ya zauna masa ke nan. Da aka kafe jadawalin jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, sai ya bi lissafin da kowa a makarantar ya sani: Malam Habu mai Tarihi ba ya canza tambaya. Shekara huɗu ke nan, in ji waɗanda suka gabace su, tambaya ta uku ita ce dalilan da suka sa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi nasara a ƙasar Hausa.

Wurin wani yayan abokinsa ya samo amsoshin bara, shafi tara da Turanci, an buga hotonsu har wasu layukan sun dusashe. Naira ɗari biyar ya biya. Mako biyu yana bitar su bayan sallar isha'i a zauren kakansa, yana rangaji kamar mai tilawa. Hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar. Faɗuwar Alkalawa da mutuwar Yunfa a 1808. Harajin da ya ishi talakawa, jangalin da ya ishi Fulani, rashin haɗin kan sarakunan Haɓe. Akwai kalmomin da bai san ma'anarsu ba, amma ya san gurbin kowacce, har inda mai amsar ya yi kuskuren rubutu ya haddace da kuskuren.

"Kai, wannan karatun ko surkulle?" in ji Baba Tsoho daga kan buzunsa.

"Tarihi ne, tsoho. Na Turawa. Ba naku na gindin bishiya ba."

"To, Allah ya ba da sa'a, mijin kakarsa."

Ranar Laraba da hantsi aka raba takardu. Iskar hunturu na kaɗa tagar da ba ta da gilashi, kowa ya ɗora dutse ko takalmi a kan takardarsa. Idon Sadisu ya sauka kan lamba uku, ya hango sunan Shehu da 1804, bai ƙarasa layin ba ya ce alhamdu lillahi a ransa. Biro ya kama gudu. Kafin minti ashirin ya cika shafi biyu, ya ɗaga hannu a ƙara masa takarda, yana satar kallon Nafi'u da ke gefensa yana tauna murfin biro bai rubuta ko layi biyar ba. Har tausayinsa ya ji.

Malamar da ke tsaron ajin ta kawo takardar, ta ɗan tsaya a kansa tana duba abin da ya rubuta. Ba ta ce komai ba. Ta dai sa yatsa ta ƙwanƙwasa takardar tambayoyin sau biyu, ta wuce.

Sai a lokacin ya karanta tambayar har ƙarshenta. Jihadin da aka fara a 1804 ya ci ƙasar Hausa, in ji ta, to me ya sa ya kasa cin Borno?

Ya sake karantawa. Ya juya takardar ko akwai wata lamba ukun a baya. Babu. Sanyin nan duk da haka gumi ya tsatsafo masa a hammata. Ya laluba shafuka taran nan a kansa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman allura a tabarma, Borno sau ɗaya tak ta fito, a jerin sunayen ƙasashe. Ya tuna Malam Habu ya yi mako guda yana magana kan wani Shehu na daban, kuma a makon ne shi Sadisu ya koma kujerar baya yana bitar amsoshinsa a ƙarƙashin tebur. Abin da ya tsira a kunnensa bai wuce guntaye ba: El-Kanemi, wasiƙu, Ngazargamu.

Saura minti talatin da biyar. Ya yi tunanin ya bar shafukan yadda suke, wataƙila Malam ya ga yawan rubutu ya ji kunyar ba shi sifiri. Ya yi tunanin ya bi ya soke "ƙasar Hausa" ya sa "Borno", sai ya ga ai hakan zai zama yana ba da dalilan nasarar da ba a yi ba.

Yana cikin haka maganar Baba Tsoho ta faɗo masa, wadda yake yi duk ranar da baƙi daga Haɗeja suka zo zauren ana tsokanar juna. "Ku kuka karɓi tuta. Mu Gumel ba mu taɓa kai gaisuwa Sakkwato ba, gabas muke kallo." Sadisu ya ji wannan magana ta fi sau ɗari, bai taɓa kawowa ransa tana da alaƙa da abin da ake bugawa a takardar jarrabawa ba. Tsohon yakan ƙara da cewa Barebari sun yi ɗaruruwan shekaru suna salla kafin a haifi Shehu, to da wace hujja za a ce musu ku musulunta? Kuma da aka ci birninsu, malami ne ya tashi ya ƙwato shi, malami kuma mai mayaƙa.

Ya ja layi a ƙarƙashin shafi na biyu. Biron da ɗazu yake gudu yanzu sai rarrafe. Kowace jimla sai ya gina ta da Hausa, ya nemo mata Turanci, ya rasa kalma, ya zagaya. Ya rubuta cewa Borno tsohuwar daular Musulunci ce. Ya rubuta cewa El-Kanemi ya aika wa su Muhammadu Bello wasiƙu yana tambayar dalilin yaƙar Musulmi, don zunubi ba kafirci ba ne. Wannan bai san ko daga bakin Malam ya tsinto shi ko daga zaure ba. Ya rubuta cewa garinsu ma bai shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Ya so ya sa shekara, ya ga duk shekarun da ke kansa na wata amsar ne, ya haƙura. Rabin shafi ya samu, da gogegge da sokakke, aka ce a ajiye biro.

Bayan kwana goma Malam Habu ya shigo da takardu a hammata. Ya ce mutum talatin da ɗaya cikin arba'in da shida sun amsa masa tambayar bara, har da kuskuren rubutu iri ɗaya a layi iri ɗaya, kuma yana gode musu da suka sauƙaƙa masa aiki. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Takardar Sadisu ta zo da jan layi tun daga saman shafin farko har ƙasan na biyu. A gefen rabin shafin nan an rubuta 8, cikin 20. Nafi'u mai tauna biro ya sami 14.

"Rikoda, tsaya," in ji Malam da aka tashi. "Zancen Gumel ɗin nan ba ya cikin littafinku. Ina ka samo shi?"

"Wurin kakana ne, Malam."

"Yana nan da rai?"

"Yana nan."

"To ka tambaye shi su wa suka taya El-Kanemi yaƙin, ka zo mini da amsa ranar Litinin. Turancin kuma Allah ya shirya."

Da daddare ya tarar da tsohon yana jin labarai a rediyo. Ya zauna a bakin buzun, ya ajiye goro biyu da ya sayo a hanya.

"Yau babu surkullen?"

"Baba, wai da aka ci birnin Barebari, su wa suka taya malamin nan?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi goron. Ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya rage muryar rediyon.

"Na gindin bishiyar kake so? To gyara zama. Ka san Shuwa?"