Gabatar da manhajar Kundin Ciniki ga masu fara amfani da ita da ƙaramar data

Barkanku da zuwa. Kundin Ciniki manhaja ce ta wayar Android da muka shirya domin masu ƙananan sana'o'i, su riƙa rubuta abin da suka sayar, da abin da suka kashe, da bashin da suke bi, da wanda ake bin su. Mun san cewa da yawa daga cikinku data kaɗan kuke saye, kuma kuna lallaɓa ta ne domin ta kai ku ƙarshen mako, saboda haka za mu fara da amsar tambayar da aka fi yi mana, wato yaushe ne manhajar take buƙatar data. Sau biyu kawai manhajar take buƙatar data: ranar da za ku sauke ta ku yi rajista, da kuma lokacin da kuka ga dama ku tura kwafin lissafinku zuwa ma'ajiya ta intanet. Duk sauran aikin, daga rubuta ciniki har duba riba, ana yin sa ne data tana kashe.

Kafin ku sauke, yana da kyau ku san ma'aunin da ake auna data da shi, domin wanda ya san ma'auni ba ya jin tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba. Bait kusan 1,000 ne suke yin kilobait ɗaya, kilobait kusan 1,000 suke yin megabait ɗaya, megabait kusan 1,000 kuma suke yin gigabait ɗaya, kuma a allon waya za ku gan su a rubuce KB da MB da GB. Nauyin manhajarmu megabait 9 ne. Hoto guda da aka ɗauka da kyamarar waya yakan kai megabait 2 zuwa 4, wato saukar da manhajar gaba ɗaya bai wuce tura hotuna uku zuwa biyar yadda aka ɗauke su ba. Rubutu kuwa ba shi da nauyi ko kaɗan. Ciniki ɗaya da kuka rubuta, da sunan kaya da adadi da kwanan wata, yakan ci wajen bait 200, don haka wanda yake rubuta ciniki 50 a rana ya tara kilobait 10 ke nan, a wata kuma kilobait 300. Ko da an haɗa da abin da wayar take kashewa wajen tuntuɓar ma'ajiya, lissafin wata guda ba ya kai megabait 2. Wannan ne ya sa muka ƙi sanya bidiyo da tallace-tallace a cikin manhajar, domin su ne suke shanye data ba tare da mai waya ya ankara ba.

Mataki na farko shi ne saukewa. Ku kunna data, ku buɗe Play Store, ku rubuta Kundin Ciniki a wurin bincike, sannan ku zaɓi wadda take da alamar koren littafi, ku danna Install. Idan kuna da inda za ku sami Wi-Fi, ku yi wannan matakin a can, datarku ta huta. Idan sabis ya yi rauni saukarwar ta tsaya, kada ku soke ta ku sake daga farko, ku bar ta kawai ta ci gaba idan sabis ya dawo. Muna roƙonku da ku guji karɓar manhajar daga hannun wani ta hanyar tura fayil daga waya zuwa waya. Gaskiya ne hakan ba ya cin data, kuma mun fahimci dalilin da ya sa mutane suke yi, amma ba ku da hanyar sanin ko an cusa wani abu a cikin fayil ɗin kafin ya iso gare ku, alhali lissafin kuɗinku ne za ku zuba a ciki.

Tun kuna cikin Play Store, akwai wani gyara na minti ɗaya da zai amfane ku fiye da manhajarmu ma. Ku danna hoton asusunku da ke saman allo, ku shiga Settings, sannan Network preferences, sannan Auto-update apps, ku zaɓi cewa a riƙa sabunta manhajoji ta Wi-Fi kaɗai. Mutane da dama da suke kukan datarsu tana ƙarewa cikin dare ba su san cewa manhajojin wayarsu ne suke sabunta kansu ba, kuma sabuntawa ɗaya ta babbar manhaja tana iya cin megabait masu yawa.

Mataki na biyu rajista ne, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ku buɗe manhajar, ku zaɓi Hausa, ku rubuta lambar wayarku. Za a aiko muku da lambobi 6 ta saƙon tes, wanda shigowarsa ba ta taɓa datarku, sai ku kwafe su a gurbin da aka nuna. Bayan haka ku rubuta sunan sana'arku, ku zaɓi lambar sirri mai lambobi 4 wadda da ita za ku riƙa buɗe manhajar. Kada ku zaɓi 1234 ko shekarar haihuwarku, domin su ne farkon abin da mai son leƙa lissafinku zai gwada. Babu wani ma'aikacinmu da zai kira ku ya nemi lambar sirrinku ko lambobin da aka aiko muku ta tes, kuma duk wanda ya nema, ko da ya ambaci sunan manhajar, ku katse kiran.

Da zarar rajista ta kammala, ku kashe data. Muna so ku yi hakan da gangan a wannan rana ta farko, domin ku gani da idonku cewa manhajar tana aiki ba tare da ita ba.

Yanzu sai rubuta ciniki na farko, wanda shi ne ainihin aikin da za ku riƙa yi kullum. A babban allo akwai maɓallai uku: Na Sayar, Na Kashe, da Bashi. Idan wani ya sayi sabulu guda 12, ku danna Na Sayar, ku rubuta sunan kayan da adadinsa da kuɗinsa, sannan ku danna Ajiye. Manhajar za ta sanya kwanan wata da lokaci da kanta, kuma idan kuka sake sayar da irin kayan gobe, haruffa biyu na farko kawai za ku rubuta sunan ya fito. Abin da kuka fitar daga aljihun sana'a, kamar kuɗin saro kaya ko na dako ko na haya, yana shiga ƙarƙashin Na Kashe. A nan ne masu fara amfani suka fi yin sakaci, domin kowa yana jin daɗin rubuta abin da ya shigo, amma ƙananan kuɗaɗen da suke fita ana raina su a ce ba su kai a rubuta ba. Idan ba a rubuta su ba, ribar da manhajar za ta nuna muku ba gaskiya ba ce, kuma laifin ba na lissafi ba ne.

Sashen Bashi shi ne wanda muke ganin zai fi yi muku amfani. Idan abokin ciniki ya karɓi kaya zai biya daga baya, ku rubuta sunansa da abin da ya karɓa da ranar da ya yi alkawari. Duk lokacin da ya kawo wani abu, ku danna sunansa ku rubuta abin da ya biya, manhajar ta cire ta nuna saura. Ranar alkawari wayar za ta tuna muku, ko da babu data, domin da agogon wayar take aiki. Idan kuna so, akwai maɓallin Tunatar wanda yake shirya saƙo mai ladabi da adadin da ya rage, amma ba ya tafiya sai kun karanta kun amince, kuma idan ta tes kuka tura shi, kamfanin layinku zai caje ku kuɗin tes kamar kowane saƙo. Amfanin wannan sashe bai tsaya ga karɓo kuɗi ba. Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin mai kaya da abokin cinikinsa daga mantuwa yake tasowa, wannan ya ce ya biya sau biyu, wancan ya ce sau ɗaya ne, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Idan kowane biya yana da ranarsa da lokacinsa a rubuce, sai ku duba allo tare, magana ta ƙare ba tare da an ɓata ba.

Da yamma, idan kun rufe, ku danna Lissafin Yau ku ga abin da ya shigo da abin da ya fita da bambancinsu. Haka nan akwai na mako da na wata, da jerin kayan da suka fi tafiya, wanda zai taimaka muku ranar sarin kaya kada ku zuba jari a hajar da take kwana.

Mataki na ƙarshe shi ne tura kwafi, kuma shi ne karo na biyu da za ku kunna data. Duk abin da kuka rubuta yana zaune ne a cikin wayarku, wanda ke nufin idan wayar ta ɓata, ko aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, lissafin zai tafi tare da ita, sai dai idan kun riga kun tura kwafinsa. Ku kunna data, ku danna Tura Kwafi, ku jira alamar kore ta fito, sannan ku kashe. Sababbin rubuce-rubuce kaɗai ake turawa, ba a sake ɗora na baya, shi ya sa ko a kan sabis ɗin 2G yakan gama cikin ƙasa da minti ɗaya. Shawararmu ita ce ku zaɓi rana ɗaya a mako ku riƙe ta, mai ciniki da yawa kuma ya riƙa yi kowane dare. Ranar da kuka sauya waya, ku sauke manhajar, ku shiga da lambar wayarku ta da, lissafinku zai dawo har zuwa kwafi na ƙarshe da kuka tura.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku kula da shi a nan. Sau da yawa idan aka kunna data domin ƙaramin aiki, sauran manhajojin da ke wayar ne suke rububin sauke hotuna da saƙonni, sai mutum ya zargi manhajar da ya buɗe. Tun daga Android 7, wadda ta fito a 2016, wayoyi suna da tsarin Data Saver da yake hana yawancin manhajoji cin data a bayan fage. Ana samunsa a Settings, ƙarƙashin Network & internet, a wayoyin Samsung kuma ƙarƙashin Connections sannan Data usage. Ku kunna shi, ba zai hana Tura Kwafi aiki ba muddin manhajar tana buɗe a gabanku. A wannan sashe na Settings za ku iya ganin adadin datar da kowace manhaja ta ci, kuma muna so ku duba tamu bayan wata guda ku gwada da abin da muka faɗa muku.

Idan kun yi kuskure wajen rubutu, ku danna layin ku riƙe, zaɓin Gyara da na Goge za su fito. Idan wani abu ya shige muku duhu, ku shiga Taimako da ke ƙasan allo, inda muka ajiye amsoshin tambayoyi 20 da aka fi yi, a rubuce cikin Hausa, kuma ana karanta su ba tare da data ba. Tambayar da babu amsarta a can, ku rubuta ta a Aiko Tambaya, za ta jira a wayarku har ranar da kuka kunna data domin tura kwafi, sai su tafi tare, amsarmu kuma ta shigo a karo na gaba da kuka kunna.