SANARWA: AN SAUYA JADAWALIN JARRABAWA SABODA HUTUN BABBAR SALLAH

Daga: Ofishin Jami'in Jarrabawa, Sashen Hausa
Zuwa ga: Ɗaliban NCE I, NCE II da NCE III
Talata, 3 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum.

Babu jarrabawa a ranakun Alhamis 5, Juma'a 6 da Litinin 9 ga Yuni. An ɗage duk takardun waɗannan ranaku uku zuwa 16, 17 da 18 ga Yuni. Jadawalin da aka kafe ranar 19 ga Mayu ya daina aiki daga yau a kan waɗannan takardu, wannan shi ne ya maye gurbinsa.

An tsara tsohon jadawali tun kafin a ga watan Zulhajji. Da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da Laraba 28 ga Mayu a matsayin 1 ga wata, sai Sallah ta faɗo ranar Juma'a 6 ga Yuni, kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu a ranakun Juma'a 6 da Litinin 9. Ita kuwa Alhamis, ranar Arfa, hukumar kwaleji ce ta ƙara domin na nesa su samu mota su isa gida da sauran rana.

Ga sababbin ranakun:

Litinin 16 ga Yuni (takardun Alhamis 5)
9:00 na safe: Ƙa'idojin Rubutun Hausa, NCE I, Babban Ɗakin Taro
2:00 na rana: Rubutacciyar Waƙa, NCE II, Babban Ɗakin Taro

Talata 17 ga Yuni (takardar Juma'a 6)
9:00 na safe: Fassara, NCE III, Ɗaki na 4 da na 5

Laraba 18 ga Yuni (takardun Litinin 9)
9:00 na safe: Tsarin Sautin Hausa, NCE II, Babban Ɗakin Taro
2:00 na rana: Adabin Baka, NCE I, Babban Ɗakin Taro

'Yan NCE III, ku lura da kyau: takardar Fassara ta sauya rana, ta kuma sauya ɗaki, domin wani sashe ya riga ya kama Babban Ɗakin Taro a safiyar Talatar. Masu lambar rajista da ta ƙare da 001 zuwa 060 su nufi Ɗaki na 4, daga 061 zuwa ƙarshe Ɗaki na 5.

Duk takardar da ba ta cikin jerin nan tana nan a ranarta, a lokacinta, a ɗakinta. Jarrabawar gobe Laraba 4 ga Yuni za a yi ta. Haka ma ta Talata 10, Laraba 11 da Juma'a 13. Alhamis 12 ga Yuni, Ranar Dimokuraɗiyya, dama can babu jarrabawa. A nan ne muke fargabar a yi kuskure: hutu zai ƙare Litinin da daddare, Talata da ƙarfe 9:00 na safe kuma 'yan NCE I na zaune kan Nahawun Hausa. Wanda garinsu ke da nisa ya kamo hanya tun Litinin. Suyar nama da yawon Sallah ba uzuri ba ne, rashin mota a tasha ma haka. Wanda ya rasa takarda sai ya maimaita ta baɗi.

Masu maimaita darasi, kowa ya ɗora sababbin ranakun a kan nasa ya duba. Idan takardu biyu sun haɗu maka a lokaci guda, ka zo ofis da kanka da fom ɗin rajistar darussa kafin ƙarfe 2:00 na ranar gobe Laraba. Ba a aiko aboki, ba a kuma kawo ƙorafi a bakin ɗakin jarrabawa.

Mun ga wani jadawali da ke yawo a WhatsApp tun jiya, mai cewa an ɗage jarrabawar baki ɗaya zuwa Yuli. Ba daga ofishin nan ya fito ba. Abin dogaro kaɗai shi ne takardar da ke allon sanarwa na sashe, mai ɗauke da hatimi da sa hannu da jan biro. Shugabannin aji su ɗauki hotonta su tura wa 'yan ajinsu yau, su kira waɗanda suka riga suka yi tafiya.

A zo da katin shaida da katin jarrabawa, a kuma hallara minti 30 kafin lokaci. Waya ba ta shiga ɗaki, ko a kashe take. Za a kammala jarrabawa Laraba 18 ga Yuni, don haka mazauna ɗakunan kwana za su miƙa makulli Alhamis 19, ba Asabar 14 kamar yadda aka sanar a baya ba.

Allah Ya ba da sa'a, a yi Sallah lafiya.

Jami'in Jarrabawa,
a madadin Shugaban Sashe