Kacici-kacicin matasan Unguwar Rogo: ba canki-canka bana

Salamu alaikum 'yan kwamiti, ga takardar ranar Asabar bayan la'asar, don Allah kar wanda ya tura ta babban guruf domin amsoshi na ƙasa.

DOKA (Malam Sani, kai za ka karanta musu da ƙarfi kafin a fara)

Sashe na ɗaya in ka ci maki 2, in ka faɗi a cire maka 2, in ka bar wurin fayau babu ci babu asara. Wanda ya ce ƙarya ne kuma sai ya rubuta daidai ɗin a gefe, in bai gyara ba rabin maki zai samu. Sashe na biyu ci maki 3, faɗuwa a cire 1. Lissafin shi ne mai canka a zaɓi huɗu yawanci ɗaya yake dacewa a tambaya huɗu, to ya samu 3 kenan sauran ukun su kwashe 3 ɗin, ya tashi a tutar babu, su o'o masu shafa B tun daga sama har ƙasa sai su nemi wata sana'a.

SASHE NA ƊAYA: gaskiya ko ƙarya

1. Dutsen Zuma a cikin Babban Birnin Tarayya yake.
2. Daga jihar Filato aka cire Nasarawa a 1996.
3. Ƙauyen Nok a jihar Filato yake.
4. Ahmed Musa ɗan ƙwallo a Jos aka haife shi.
5. Gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1976.

SASHE NA BIYU: zaɓi ɗaya

6. Ƙananan hukumomi nawa ne a Filato? A) 15 B) 16 C) 17 D) 18
7. Wace shekara aka buɗe gidan tarihi na Jos? A) 1945 B) 1952 C) 1960 D) 1967
8. Waye gwamnan farar hula na farko a Filato? A) Joshua Dariye B) Fidelis Tapgun C) Jonah Jang D) Solomon Lar
9. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a ina take? A) Vom B) Kuru C) Bukur D) Barikin Ladi

AMSOSHI, na masu maki kawai

1 ƙarya, jihar Neja. 2 gaskiya. 3 ƙarya, Kaduna. 4 gaskiya. 5 ƙarya, 12 ga Disamba 1991, wannan tarko ne da gangan saboda 1976 ɗin shekarar da aka yi dokar kafa birnin ce, wanda ya haddace shekara bai san me ya faru a cikinta ba nan zai zame. 6 C, 7 B, 8 D, 9 A.

Kuru na saka a ta 9 don ita ma akwai cibiyar ƙasa a can, ta nazarin manufofi da dabaru, wato NIPSS, kuma hanya ɗaya ce da Vom. Jimla maki 22. Wanda ya zaɓi biyu a tambaya ɗaya faɗuwa ce. Hajiya Binta ki taho da jan biro, na wajena ya ƙafe.