Rigar Malam: Labarin Shagon Lawali Tela

Gajeren fim na talla, minti 3. Masu fitowa: Lawali, ɗan shekara 19; Inna Hajara, dattijuwa; Mutari, jikanta, ɗan shekara 9.

KASHI NA ƊAYA

Unguwar Bagalam, Maradi. Hantsi, azumi na da kwana 22. Ƙaramin shago mai rufin kwano: keken ƙafa guda, benci, ƙusoshin rataya babu ko riga ɗaya. Ƴan kabu-kabu na wucewa ɗauke da mata masu ledojin shadda da atamfa daga babbar kasuwa, ba wanda ya waiwayo. Lawali na ɗiga wa keke mai.

MURYAR LAWALI: Shekara biyar ina hannun maigidana. Da ya sallame ni, Iyata ta kwashi adashenta ta saya mini wannan keken. Keke dai na samu. Wanda zai ba yaro yadinsa gab da Sallah ne babu.

Inna Hajara ta yi sallama, riƙe da ƙunshin zane. Mutari na maƙale bayanta.

INNA: Kai ne telan, ko maigidan ya fita?

LAWALI: Ni ne, Inna. Bismilla, ga benci.

INNA: Shago uku na shiga, kowa ya ce ya rufe amsar ɗinki.

Ta kwance ƙunshin. Babbar riga ce ta shuɗiyar shadda, kafaɗunta sun koɗe, aikin aska biyu na gabanta yana nan daram.

INNA: Ta marigayi Malam ce. Da ita yake hawa Idi. Ka fitar wa takwaransa kaftani da wando a ciki. Za ka iya?

LAWALI: Allah ya jiƙan shi. Zan iya. Ki dawo ran Laraba bayan la'asar.

INNA: Larabar teloli ko ta mutane?

LAWALI: Ta mutane, Inna.

KASHI NA BIYU

Lawali ya durƙusa yana awon Mutari, yana rubutawa a sabon littafi, shafin farko: kafaɗa 32, hannu 45, tsawo 80.

Dare, bayan asham. An ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit sai janareton wani shago can nesa. Lawali ya shimfiɗa rigar kan tabarma, tocila a haƙoransa. Ya farke ɗinkin gefe da reza, zare bayan zare. Ya ɗaga kowane ƙyalle ya haska ta baya, duk inda shaddar ta yi sirantaka ya kewaye da alli. Ya juya gaban kaftanin sau biyu don zanen shaddar ya fuskanci wuri ɗaya da na baya. Ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Ya sake awo.

MURYAR LAWALI: Sabon yadi in ka ɓata, ka koma kasuwa ka biya. Wannan fa, ko Kano ka je ba ka samun irinsa. Hannuna rawa yake.

LAWALI: Bismillahi.

Ƙarar almakashi kaɗai ake ji, ba kiɗa. Kusa da hannunsa: yana bin gefen aikin askar a hankali, ya cire shi ɗungum bai taɓa ko zare ɗaya ba, ya ɗora shi kan ƙirjin ƙaramin kaftanin. Ƙafa kan keke. Daga nesa masu tashe na kiɗan sahur. Ya hura gawayi a dutsen guga.

KASHI NA UKU

Laraba, bayan la'asar. Kafin Inna ta gama sallama, kayan na kan benci a goge, a ninke. Mutari ya saka. Hannun ya tsaya daidai wuyan hannu. Inna ta shafa aikin da ke ƙirjinsa, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta goge ido da gefen mayafi.

MUTARI: Kaka, ta yi mini?

INNA: Ta yi maka, maigidana.

Lawali ya miƙo wani ƙaramin ƙunshi.

LAWALI: Ga ragowar ƙyallen, Inna. Zai isa hula.

INNA: Har ragowa kake maidowa? Nawa ne aikinka, ɗana?

LAWALI: Jikka biyu.

Ta kwance bakin zane, ta ƙirgo jikka ɗaya da dala ɗari.

INNA: Sauran bayan Sallah.

LAWALI: Na bar wa Malam, a yi masa addu'a.

INNA: A'a. Aiki aiki ne. Rubuta. Allah ya yi wa hannun nan albarka.

Yau. Shagon ya faɗaɗa: keke shida, yara masu koyo huɗu, ƙusoshi cike da kaya. Lawali, yanzu da gemu, ya dubi masu kallo.

LAWALI: Kwana uku da Sallah ta kawo dala ɗarin, ta zo da maƙwabtanta biyu. Ku ma ku kawo naku, sabo ko tsoho. In ba za mu iya gamawa ranar da kuke so ba, tun a bakin ƙofa za mu faɗa muku.

RUBUTU A FUSKAR ALLO: Shagon Lawali Tela, Bagalam, Maradi. Ɗinkin maza da na yara, gyaran tsofaffin riguna. Kullum daga ƙarfe 8 na safe zuwa isha'i, Juma'a sai bayan masallaci.