Zuwa ga Hadiza, a kan sunan da ban zo ba

Gusau, daren Talata.

Assalamu alaikum, ƙawata maijego.

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya Ummi, tana kama nono sosai? Allah ya raya mana ita bisa sunnar Manzo, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce, ya sa ta yi halin mai sunan.

Tun ranar Asabar nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Sau uku na nemo lambarki, sai kunya ta hana ni dannawa. Shi ya sa na ga gara in rubuto, don in na ji muryarki na san kuka zan sa, maganar kuma ba za ta fita yadda nake so ba.

Hadiza, ban kyauta ba. Ni ce na ce miki ko ana ha-maza-ha-mata zan kwana a Zariya ranar Juma'a, ni zan tsaya a kan tukwanen abinci, ni zan ɗaura miki ɗankwali. Kika ce wa Inna kada a nemi mai rabon kayan suna, Bilkisu na tafe. Aka wayi gari, aka raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, mata suka cika gida da yamma, babu ni babu labarina. Shekara shida muna roƙon Allah ya nuna mana wannan rana, da ta zo sai aka neme ni aka rasa.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don kina da haƙƙin ki sani. Tun ranar da kika haihu na je na roƙi shugabarmu ta ɗakin haihuwa ta ba ni Juma'a da Asabar, ta kuma amince, muka yi musanyar duti da wata abokiyar aikina. Jakata a haɗe take tun daren Alhamis, ankon ma na karɓo daga wurin tela. Niyyata in tashi aiki ƙarfe 2 na rana in wuce tasha, in isa Funtuwa da sauran rana, in yi magariba a gidan Inna. Wajen sha biyu sai ga waya, wadda za ta karɓe ni ɗanta ya faɗo daga babur, tana can tare da shi ana ɗora masa ƙafa. Mu biyu kacal muka rage a ɗakin, ga mata huɗu a kan gwiwa. Shugabarmu ta ce in daure zuwa dare, za ta nemo wata. Daren ya yi ba a samu kowa ba.

Bayan isha aka shigo da wata yarinya daga ƙauye, ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba, cikin fari, ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida, ga jijjiga ta kama ta a hanya. Muka yi mata allurar tsayar da jijjigar, Allah ya sa ta haihu wajen ƙarfe ɗaya, sai kuma jini ya ɓalle. Kin san mu, da zarar mahaifa ta ƙi tsukewa bayan haihuwa ba a ƙifta ido. Ina murza mata mara da hannu ɗaya, abokiyar aikina na sa mata ƙarin ruwa, mijinta na zarya yana neman wanda jininsa zai dace da nata. Leda biyu aka ƙara mata kafin ta buɗe ido ta tambayi abin da ta haifa. Lokacin da na wanke hannu na dubi agogo har an yi sallar asuba, wato a daidai lokacin maza na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanku ana fito da goro da dabino.

To daga nan laifina ya fara. Ba a sallame ni ba sai ƙarfe 2 na ranar Asabar. Da na je tasha a lokacin, wataƙila da na riski ƙarshen taro ko da wanke-wanke ne na kama. Baban Amira ya ce ba zai bar ni in bi hanyar Tsafe da yamma ba, ina layi don barci, motar kuma sai ta cika take tashi. Ban yi masa gardama ba, kin san yadda hanyar nan take in rana ta yi sanyi. Amma waya fa? Tun ranar Juma'a da rana, da na ga tafiya ta fara lalacewa, minti ɗaya ya ishe ni in kira ki ko in kira Inna in ce a sa wata a madadina. Na yi ta cewa bari dai in ga yadda za ta kaya, ina jin nauyin in furta miki cewa ba zan zo ba. Aiki ne ya riƙe ni kwana da wuni, shirun kwana uku da ya biyo baya kuwa babu wanda ya sa ni. Na ga kiranki biyu da safiyar suna, na ga na Zainab ƙanwarki har huɗu. Ita ce ma ta gaya mini jiya cewa kin ajiye mini abinci a kula har dare, kina cewa ƙila mota ce ta ɓaci. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na san abin da ke kika yi. A 2019 da na haifi Amira, kin baro Zariya da azumi a bakinki, kika yi sati guda a ɗakina. Ke kika riƙa hura wutar ruwan wanka, ke kika dama kunun kanwa, ke kika tsare ni sai na cinye kaurin nan mai yaji ina hawaye kina dariya. A lokacin ke ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba, mutane na ta sakin magana a gabanki, ba ki bari na ga damuwa a fuskarki ba. Na sha alwashin in Allah ya kawo naki sai na rama miki ninki biyu, ga yadda na rama.

Don Allah ki yafe mini. In kina jin haushi kada ki haɗiye, ki kira ni ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan saurara ban ce uffan ba. Ki kuma ba Inna haƙuri kafin in zo in durƙusa da kaina, don na san ita ta sha tambayar 'yan'uwa, ina ƙawar nan taku ta Gusau.

Na ga hotunan da Zainab ta turo. Yarinya tubarkalla, goshin Malam Sani ne sak, amma bakin naki ne, kar ya yi musu. Na ji daɗi da aka mayar da sunan Hajiyarsa, A'isha suna ne mai albarka, Ummi kuma ya dace da ita. Lallenki ya yi kyau, sai dai wadda ta ɗaura miki ɗankwalin ta karkata shi hagu, da ina nan da hakan bai faru ba.

Na karɓi hutun kwana biyar, wannan karon a rubuce da sa hannu, daga ranar Alhamis ta sama. In Allah ya yarda motar safe zan biyo, ni da Amira, wadda ta dame ni da tambayar yaushe za ta ga ƙanwarta. Kayan barka suna nan yadda na ɗaure su: turmin atamfa, rigunan jariri, sabulu, da yajin jego da na sa aka daka miki. Ki ce wa Inna ta huta da wankan safe a kwanakin nan, ni zan karɓa. Zan kuma duba cibiyar Ummi da katin rigakafinta, ki ajiye shi kusa. Kafin in iso, idan kika ji zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani, ko kika ga jini ya ƙaru, kada ki jira kowa, ki tafi asibiti.

A gaishe da Inna da Baba, a gaishe da angon ƙarni, a shafa mini kan Ummi.

Taki,
Bilkisu (Maman Amira)