Kurmi Gadonmu Ce: Kada Leda Ta Taɓa Ƙasa

Ya ku iyayenmu 'yan kasuwa, masu rumfa da masu kasa kaya a bakin hanya, da 'yan dako da masu baro, da baƙinmu masu sayayya, taken da muka ɗaga a wannan damina shi ne: Kurmi gadonmu ce, kada leda ta taɓa ƙasa.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cin wannan kasuwa ta Kurmi a gefen rafin Jakara da ke birnin Kano, kuma bai dace a ce a hannunmu ne lungunanta suka koma juji ba. Ledar ruwan da mutum ya sha ya yar a gindin rumfa ba ta ruɓewa. Iska ce take jan ta zuwa kwata, ta haɗu da ɓawon rake da totuwar masara, su toshe hanyar ruwa, ta yadda ruwan sama na dare ɗaya zai isa ya shiga shago ya jiƙa atamfa da fata da kayan yaji. Ruwan da ya kwanta kuwa, a nan sauro yake hayayyafa, ƙuda kuma ya tashi daga kan shara ya sauka a kan abincin da 'ya'yanmu suke ci.

Saboda haka muna roƙon kowane mai rumfa ya ajiye kwando ko buhu a ƙofarsa, ya share gabansa kafin ya buɗe, kuma kada ya tura sharar cikin kwata. Mai sayayya ya riƙe ledarsa har ya isa durom ɗin shara da ke bakin layi. Masu kwashewa za su riƙa zagayawa kullum bayan sallar La'asar.